An Aika, Bai Iso Ba: Abin da Ke Jefa Imel Ɗin Ƙaramin Kamfani Akwatin Spam

A ɗauka akwai wani ɗan kasuwa a Kano da ke sayen riɗi da zoɓo a Dawanau yana fitarwa ƙasashen waje. Ma'aikatansa ba su fi shida ba. Ya gaji da aika wa masu saye wasiƙa da adireshin Gmail na kyauta, ya biya kuɗi aka yi masa domen, wato sunan kamfaninsa a intanet, aka buɗe masa adireshi irin su sales@example.com. Ranar Litinin ya aika takardar farashi ga wani mai saye, har Alhamis shiru. Da ya buga waya sai aka ce masa ba a ga komai ba. Can da aka duba da kyau, ga saƙon nan kwance a akwatin Spam, tsakanin tallan magani da wasiƙun 'yan damfara. Kafin nan farashin riɗi ya motsa, mai sayen kuma ya yi ciniki da wani.

Abin da mutum zai fara zargi shi ne kalmomin da ya rubuta, ko nauyin takardar da ya liƙa, ko ma a ce ai don saƙon daga Najeriya ya fito. Waɗannan na iya taka rawa, amma kafin na'urar Gmail ko ta Outlook ta damu da abin da wasiƙa ta ƙunsa, tambayar farko da take yi ita ce: wannan saƙon da ke cewa daga example.com yake, da gaske mai example.com ne ya aiko shi? Yawancin ƙananan kamfanonin da saƙonsu ke ɓacewa a wannan tambayar suke faɗuwa, kuma ba su ma san an yi ta ba.

Dalilin tambayar tsohon abu ne. Ƙa'idar da ake aika imel da ita, SMTP, Jon Postel ne ya wallafa ta a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, galibi jami'o'i da cibiyoyin bincike. Ba a sa mata wata hanyar tantance mai aikawa ba. Har yau kowace saba a duniya za ta iya rubuta sunan bankinka a wurin From ta aika, ƙa'idar kanta ba za ta hana ba. Abin da aka yi daga baya shi ne ƙara wasu matakai uku a kanta: SPF, DKIM da DMARC. Dukansu gajerun layukan rubutu ne da mai domen ke sakawa a DNS, babbar rajistar da kwamfutoci ke dubawa idan suna neman bayani a kan wani domen. Ba a biyan kuɗi a kansu, kuma ba a aika su ga kowa. Ka rubuta su sau ɗaya, duk mai karɓar saƙo ya zo ya karanta.

Kafin a fahimce su sai an san cewa imel na ɗauke da sunan mai aikawa a wuri biyu. Kamar wasiƙar gidan waya ne: akwai adireshin da ke bayan ambulan, inda za a mayar da ita idan ba ta samu mai ita ba, akwai kuma sunan da ke saman takardar da ke ciki. Mai karɓa na ganin na takarda ne kawai, shi ne From. Na ambulan kuwa, wanda ake kira Return-Path, a ɓoye yake sai an tono. Ba dole ba ne su zama ɗaya, kuma wannan bambancin shi ne ya fi wahalar da mutane a duk harkar.

Mu koma wurin ɗan kasuwarmu. Matakin farko na bincike ba ya buƙatar ƙwararre. Ya aika saƙo daga adireshin kamfani zuwa wani akwatin Gmail nasa, ya buɗe shi a kwamfuta, ya danna ɗigo uku da ke gefen saƙon, ya zaɓi Show original. A saman shafin Gmail zai jera sakamako, kowane mataki da PASS ko FAIL ko wani abu dabam. A ƙasa akwai dogon rubutu. Layin da ake nema a ciki ya fara da Authentication-Results. A ce abin da ya gani, a taƙaice, shi ne:

```
spf=permerror smtp.mailfrom=sales@example.com
dkim=pass header.i=@example-com.20230601.gappssmtp.com
```

Babu layin dmarc ko kaɗan, don bai taɓa saka shi ba. Layuka biyun nan sun ba da labarin duka, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

SPF jerin sabobin da mai domen ya yarje wa su aika saƙo da sunansa ne. Saƙo na isowa, mai karɓa zai dubi lambar IP ta sabar da ta kawo shi, ya dubi domen ɗin da ke Return-Path, ya je DNS ya ga ko lambar na cikin jerin. Kalmar permerror na nufin an je an tarar da jerin a hargitse, ba a iya yanke hukunci da shi ba. Don ganin abin da ke can, a Windows ana buɗe Command Prompt a rubuta:

```
nslookup -type=txt example.com
```

Sai ga amsa guda biyu:

```
v=spf1 +a +mx +ip4:203.0.113.25 ~all
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
```

Na farkon, kamfanin hostin ne ya saka shi kai tsaye ranar da aka ɗora shafin intanet na kamfanin. Na biyun, yaron da ya mayar da imel ɗin kamfanin zuwa Google Workspace ne ya ƙara, bisa umarnin da ya karanta, bai kuwa goge tsohon ba. Kowanne daidai yake shi kaɗai. Amma ƙa'idar SPF, kamar yadda aka tsara ta a RFC 7208 a 2014, ta ce domen ɗaya layi ɗaya. Idan aka samu biyu, ba a zaɓar mafi kyau, dukansu ake zubarwa. Gyaran shi ne a haɗe su:

```
v=spf1 ip4:203.0.113.25 include:_spf.google.com ~all
```

Karanta shi daga hagu: sabar hostin mai wannan lambar ta halatta, duk sabobin da Google ya lissafa a jerinsa sun halatta, saura kuma a yi musu kallon tuhuma. Alamar da ke gaban all tana da ma'ana. `~all` na cewa a tuhumci baƙo, `-all` na cewa a ƙi shi, `+all` kuwa na cewa kowa a duniya ya halatta, wanda gara babu layin da a saka shi. Ga ƙaramin kamfani da ke cikin gyara, `~all` ya isa. Mai amfani da Microsoft 365 zai sa `include:spf.protection.outlook.com` a madadin na Google.

An lura na cire a da mx daga layin. Akwai dalili. SPF ya iyakance yawan tambayoyin DNS da mai karɓa zai yi wajen duba layinka zuwa 10. Kowane include, da a, da mx, tambaya ce, kuma include ɗin da ke cikin wani include shi ma ana ƙirga shi. Ip4 ne ba a ƙirgawa. Kamfanin da ya yi shekaru yana ƙara include duk lokacin da ya gwada sabuwar manhajar talla ko ta rasit, bai taɓa cire tsofaffin ba, wata rana zai haura 10 ya koma permerror ba tare da ya taɓa komai a ranar ba.

SPF na da rauni babba guda. Idan mai sayen nan ya saita akwatin ofishinsa ya riƙa tura saƙo zuwa Gmail ɗinsa na kansa, sabar da za ta miƙa saƙon ga Gmail tasu ce, ba taka ba, ba ta kuma cikin jerinka. SPF sai ya faɗi ba da laifinka ba. Shi ya sa ni a ganina, idan mutum abu ɗaya kawai zai iya gyarawa a yau, DKIM ya kamata ya gyara.

DKIM sa hannu ne na lissafi. Ya samo asali daga haɗa dabarar Yahoo da ta Cisco, tsarinsa na yanzu kuma na cikin RFC 6376 na 2011. Ana ƙirƙirar mabuɗi biyu masu alaƙa da juna. Na sirri yana zaune a sabar da ke aika saƙonka. Da shi take lissafa sa hannu daga jikin wasiƙar da wasu layukan samanta, ta liƙa a saƙon. Na fili kuma shi ake sakawa a DNS don kowa ya gwada sa hannun. Idan an sauya ko harafi a ɓangaren da aka sa wa hannu, lissafin ba zai fita ba. Tunda sa hannun yana tafiya ne tare da saƙon, ko an tura shi daga akwati zuwa akwati yana nan, muddin ba a taɓa abin da ke ciki ba.

To ai na ɗan kasuwarmu ya nuna pass, ina matsalar? Dubi sunan da ke gabansa: gappssmtp.com. Wannan domen na Google ne. Idan mai Google Workspace bai kunna DKIM na kansa ba, Google kan sa wa saƙon hannu da nasa sunan. Sa hannun ingantacce ne, amma abin da ya tabbatar shi ne saƙon ya bi ta Google, bai ce komai a kan example.com ba. Don gyarawa sai mai kula da asusun ya shiga Admin console, sashen Gmail, wurin Authenticate email, ya danna Generate new record, ya zaɓi tsawon 2048. Za a ba shi suna da dogon rubutu, ya kai su DNS a matsayin TXT:

```
google._domainkey   TXT   v=DKIM1; k=rsa; p=MIIBIjANBgkq...
```

Sannan ya dawo ya danna Start authentication. Wannan dannawar ta ƙarshe ake yawan mantawa da ita: an saka mabuɗi a DNS, an tafi, Google kuwa na ci gaba da sa hannu da tsohon suna. Wani abin tuntuɓen shi ne tsawo. Guntun rubutu ɗaya a TXT ba ya wuce haruffa 255, mabuɗin 2048 kuma ya fi haka. Yawancin masu hostin na rarraba shi da kansu, amma akwai waɗanda ke datse shi shiru. Idan an saka kuma sakamakon ya ƙi fita, a gwada ƙarshen abin da DNS ke nunawa da ƙarshen abin da Google ya bayar.

Yanzu saƙon ma'aikata ya daidaita. Sai dai ba ma'aikata kaɗai ke aika saƙo da sunan kamfani ba, kuma a nan ne gyaran mutane da yawa ke tsayawa rabi. Shafin intanet na kamfanin, wanda aka gina da WordPress, yana aika wa duk wanda ya nemi farashi takardar tabbatarwa. Wannan saƙon ba ya bi ta Google. Daga sabar hostin yake fita kai tsaye. Idan aka tono shi, a ce ga abin da za a gani:

```
From: sales@example.com
Return-Path: <user@server12.example.net>
spf=pass smtp.mailfrom=user@server12.example.net
```

SPF ya ce pass, mai shafin ya yi murna. Amma pass ɗin na example.net ne, domen ɗin kamfanin hostin, domin SPF ambulan yake dubawa, bai san From ba. DKIM kuma babu. Idan ka tsaya ka yi tunani, ɗan damfara ma haka saƙonsa zai kasance: ya yi wa nasa domen SPF mai kyau, ya sa shi a ambulan, ya rubuta sunanka a From. Gmail kan nuna alamar wannan ga mai karɓa da ƙaramar kalmar via kusa da sunan mai aikawa, da baƙon domen a gabanta.

Wannan giɓin ne DMARC ya zo ya toshe. Wasu manyan kamfanonin imel da na hada-hadar kuɗi ne suka sanar da shi a 2012, aka wallafa shi a RFC 7489 a 2015. Sharaɗinsa ɗaya: SPF ko DKIM, ko da guda cikinsu, ya yi pass da domen ɗin da ya dace da wanda ke From. Reshen domen, kamar mail.example.com, ana karɓarsa a matsayin ya dace, sai in mai domen ya tsaurara da kansa. Saƙon shafin nan ya faɗi wannan sharaɗin. Maganinsa mafi sauƙi shi ne a sa wa WordPress ƙaramar manhajar SMTP, shafin ya riƙa shiga da wani adireshin kamfani na gaske yana aikawa ta Google kamar kowane ma'aikaci. In an yi haka, lambar sabar hostin ma sai a cire ta daga SPF. Dama saba ce ta haɗaka, ɗaruruwan shafuka na iya zama a kanta, barin lambarta a jerinka ba wa maƙwabtan da ba ka sani ba izini ne.

Wani kuskure mai kama da wannan na cikin fom ɗin "tuntuɓe mu". Masu gina shafi da yawa kan saita shi ya sa adireshin baƙon da ya cike fom a From, don a ji daɗin danna amsa. Idan baƙon na amfani da Yahoo, saƙon ya zama na jabu ke nan a idon ƙa'ida, kuma tun Afrilun 2014 Yahoo ya umarci masu karɓa su ƙi duk saƙon da ke ɗauke da yahoo.com bai fito daga gare shi ba. Kamfani sai ya yi ta asarar masu neman ciniki bai sani ba. Adireshin baƙo a Reply-To ake sa shi, From kuma ya zama na kamfani.

Layin DMARC kansa gajere ne, ana saka shi a ƙarƙashin suna `_dmarc`:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com
```

Harafin p shi ne umarninka ga masu karɓa kan saƙon da ya faɗi: none, kada a yi komai saboda ni, quarantine, a ware shi, galibi zuwa Spam, reject, a ƙi shi tun a ƙofa. Shi kuwa rua adireshin da za a riƙa aiko maka rahoto ne. Manyan masu karɓa irin su Google kan aiko kusan kullum, fayil ɗin XML a dunƙule, mai nuna kowace lambar IP da ta aika saƙo da sunanka, guda nawa, da sakamakon kowanne. Ba shi da daɗin karantawa, akwai kuma shafukan da ke mayar da shi tebur, amma a cikinsa ne ake gano abin da aka manta: manhajar akanta da ke aika rasit, na'urar kwafi ta ofis da ke tura takardun da aka ɗauki hotonsu, kamfanin da ke aika saƙon barka da Sallah ga abokan ciniki. Kowannensu na buƙatar nasa DKIM da sunan domen ɗinka, kuma kamfanonin aika saƙon talla galibi suna da shafin da ke ba da layukan da za a kwafa.

Kada a yi gaggawar reject. Wanda ya saka shi ranar farko, da hannunsa ya umarci duniya ta ƙi rasit ɗinsa. A zauna a none na wasu makonni, har a ga ƙarshen wata ya zagayo, tunda akwai saƙonnin da sai lokacin biyan kuɗi suke fita. In rahoto ya nuna duk na gida suna wucewa, a koma quarantine, daga baya reject. Amma kuma kada a yi zaman dirshan a none, don ba ya hana kowa amfani da sunanka.

Akwai tarko biyu a wajen sakawar da ba ruwansu da fahimtar ƙa'ida. Na farko, a ina DNS ɗinka yake? Mutum na iya sayen domen mai .com.ng daga wani dillalin da NiRA, hukumar da ke kula da .ng, ta amince da shi, shafinsa na wurin wani mai hostin, DNS ɗin kuma mai gina shafi ya mayar da shi Cloudflare shekara biyu da suka wuce. Dukansu uku za su nuna maka wurin saka TXT, su karɓa ba musu, amma ɗaya kaɗai duniya ke tambaya. Umarnin `nslookup -type=ns example.com` zai faɗa maka wanne ne. Na biyu, wasu wuraren na ƙara sunan domen da kansu a ƙarshen abin da ka rubuta. Ka rubuta _dmarc.example.com, ya zama _dmarc.example.com.example.com, ba wanda zai taɓa ganinsa. Bayan kowace sakawa a sake dubawa da nslookup. Sauyi kan bayyana cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, wani lokaci ya kai kwana biyu.

Da can ana iya zama ba tare da duk wannan ba a ci sa'a. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. A ƙa'idar Google, duk mai aika saƙo zuwa Gmail, komai ƙanƙantarsa, sai ya kasance da SPF ko DKIM. Wanda ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana kuwa sai ya haɗa duka uku. Microsoft ya bi sahu a Mayun 2025 ga masu aika irin wannan yawan zuwa Outlook.com. Saƙon da bai cika sharaɗi ba yanzu yana iya dawowa ma gaba ɗaya, da lambar 550 5.7.26 a cikin bayanin dawowar. Ɗan kasuwarmu ba zai taɓa kai 5,000 ba, amma na'urar da ke tace manya ita ce ke tace shi.

Bayan duk layukan sun nuna PASS, saƙo na iya ci gaba da faɗawa Spam, kuma wannan ba ya nufin an yi aikin banza. Tantancewa ta nuna wane ne kai. Abin da aka san ka da shi wani lissafi ne dabam. Domen ɗin da aka yi wa rajista makon jiya ba shi da tarihi, idan ya fara da aika saƙo 400 a dare ɗaya za a tuhume shi. Mai zuba adireshi 300 a Bcc da ya tsinto a intanet yana tara wa kansa masu danna Report spam, Google kuwa ya ce kada ƙorafin ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum 3 a cikin 1,000. Mai aikawa ta sabar hostin ta haɗaka yana iya tarar da lambarta a jerin Spamhaus saboda an yi wa shafin wani maƙwabci kutse. Ana duba wannan kyauta a shafinsu, kuma mai hostin ne ke da alhakin neman a cire ta. Ga masu saye 'yan kaɗan da ake hulɗa da su kullum, roƙonsu su danna Not spam su kuma amsa saƙon yana taimakawa fiye da yadda ake zato.

Akwai kuma damfarar da DMARC ba ya iya tarewa. Da reject, ba wanda zai aika wa mai sayenka takardar biyan kuɗi ta jabu daga sales@example.com ta isa akwatinsa, matuƙar sabar da ke karɓa tana bin ƙa'idar. Amma ɗan damfara na iya sayen examp1e.com, da lamba 1 a wurin harafin l, ya yi masa SPF da DKIM da DMARC cikakku, saƙonsa ya wuce da PASS uku ɗauke da sabuwar lambar asusun banki. Haka nan idan aka sace kalmar sirrin wani ma'aikaci, saƙon ɓarawon zai fita ta Google da sa hannunka na gaske. Don na biyun, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane adireshin kamfani. Don na farkon, a rubuta a cikin yarjejeniyar ciniki tun farko cewa ba a sauya lambar asusu ta imel, duk sauyi sai an tabbatar da shi ta waya a lambar da aka riga aka sani.